Kunun da Kawu Hamma Ya Koya

Kawu Hamma ya shekara arba'in da ɗaya yana sayar da nama, amma bai taɓa ɗora tukunyar kunu ba sai da ya kai shekara sittin da takwas a duniya. Ƙanen mahaifiyata ne. Sunansa na yanka Muhammadu, Fulanin da yake sayen shanu a hannunsu ne suka laƙaba masa Hamma tun yana saurayi, sunan kuma ya bi shi har gida.

A unguwar Farcha ta N'Djamena aka haife shi, ba nisa da mayanka. Mahaifinsa mahauci ne, kakansa ma haka. Ya fara da wankin hanji, ya koma fiɗa, daga baya ya samu teburinsa a kasuwar unguwa. Ba shi da tsawo, amma kafaɗunsa masu faɗi ne, kuma yatsansa manuni na hagu ya rasa kansa tun wata Babbar Salla da ban riska ba. Abin da aka san shi da shi a kasuwa shi ne gyara. Idan ya kasa nama ya miƙa, sai hannunsa ya koma kan tebur ya ɗauko wata 'yar tsoka ko guntun hanta ya ɗora. Bai duba ko mai sayen sananne ne ko baƙo, Bahaushe ne ko Balarabe ko mutumin kudu. Abokan sana'arsa sun sha yi masa faɗa a kan yana ɓata musu kasuwa. Yakan ce shi ma bai san lokacin da hannun yake tafiya ba.

Duk waɗannan shekarun da kunun matarsa, Inna Delu, yake fita. Kafin a kira assalatu ta tashi, kafin ya dawo daga masallaci kunun gero yana jiransa a kwano, ba kauri ba tsinkewa, da ɗan tsamin tsamiya. Maƙwabtanmu Larabawa madide suke kiransa, yaran makaranta su ce buyi, ita kuwa kunu take cewa ba ta ƙarawa. Kawu yakan sha a tsaye, ya goge baki da bayan hannu, ya hau kekensa. Ko bayan da ya bar teburin saboda ciwon gwiwa, kunun bai fasa ba, sai dai ya koma shansa a zaune.

Na dawo N'Djamena bayan shekara bakwai ina karatu a Aljeriya. Iyayena sun riga sun rasu, sai Kawu ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. 'Ya'yansa maza biyu suna can garin Moundou da iyalansu, autarsu Ruwaida kuma tana aure a Atrone, can ɗaya gefen gari, inda suka samu fili da araha suka gina. Mu uku ne a gidan. Wata huɗu na yi ina shan kunun nan kowace safiya ban taɓa tambayar yadda ake yin sa ba.

Wata Talata Inna Delu ta faɗi a bakin randa. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta kwana goma sha biyu a asibiti. Magana ta dawo mata a hankali, kaifin harshenta ma ya dawo, amma hannun dama da ƙafar dama sun ƙi. Haɗiya ma ta zame mata aiki. Likitan ya ce abincinta ya zama mai laushi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kada ya yi ruwa tsululu, kada ya yi kauri, kuma kada a samu gudaji ko ɗaya, domin gudaji ne zai iya sarƙe ta. Da safe kuma dole ta sa wani abu a ciki kafin ta sha magani.

Maƙwabciyarmu Hawwa ta ɗauki nauyin wanka da abincin rana da na yamma, Allah ya saka mata. Amma Hawwa tana fita tun da asuba ta tari kifi a bakin kogi, ba ta dawowa sai hantsi. Muka gwada sayen koko a bakin titi. Citta da barkonon da ke ciki suka sa Inna tari har idanunta suka yi ja, ta ture kofin.

Ruwaida ta zo ranar Juma'a da mijinta a mota. Ta zauna a bakin gadon mahaifiyarta, ta yi magana ba tare da ta kalli Kawu ba.

"Baba, zan tafi da ita Atrone. Na gyara ɗaki."

"Atrone," in ji Kawu. "Da damina ko klando, babur ɗin haya, ba ya shiga unguwarku."

"Yanzu ba damina ba ce. Wa zai dama mata kunu a nan? Yaya Mukhtar?"

Ni ne Mukhtar. Na ce a ƙasar da na zauna burodi da kofi ake karyawa da su, ban iya ba.

"To ka ji, Baba."

Kawu ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Tun da aka kawo Inna Delu gidan nan tana amarya, ba su taɓa raba kwana ba sai in haihuwa ta yi. Da gwiwar nan tasa kuwa, in ta koma Atrone sai dai ya riƙa ganin ta daga Juma'a zuwa Juma'a, shi kuma ba zai je ya tare a gidan suruki ba ko da za a ɗaure shi.

"Ni zan dama," ya ce.

Ruwaida ta yi dariya, sannan ta ga ba wasa yake yi ba ta daina.

"Baba, ko shayi ba ka taɓa dafawa ba."

"Na fiɗe sa ni kaɗai kafin rana ta fito. Gari da ruwa ne zai gagare ni? Ki ba ni Juma'a biyu. Ki zo ki sha da bakinki. In bai yi ba, ni zan ɗauke ta in sa a motar."

Ruwaida ta juya ga mahaifiyarta. "Inna, ke me kika ce?"

"Ki bar shi," in ji Inna Delu, tana jan kalmomin. "Ina so in ga mahauci da maburgi kafin in mutu."

Washegari bayan sallar asuba na same shi a tsakar gida, ya tsuguna gaban 'yar tukunyar gas ɗin da Inna take girki a kai. Ya buɗe wutar har ƙarshe, harshenta yana lasar gefen tukunya. Ruwa na tafasa ya kamfato garin gero ya watsa a ciki, kamar yadda ya sha ganin mata suna yi wa tuwo. Ya juya da ƙarfinsa duka. Abin da ya fito ruwa ne mai ƙasa-ƙasa da dunƙule-dunƙule suna yawo a ciki. Na ɗauko guda na matse shi tsakanin yatsu. Bayansa ya dahu ya yi santsi, cikinsa kuwa busasshen gari ne fari fat, ko jiƙa bai yi ba.

Bai kai mata ba. Amma daga ɗaki ta ji ƙauri.

"Malam," ta kira shi, haka take kiransa, "me ka ƙona?"

"Ba komai."

"Ka zuba gari a tafasasshen ruwa."

Ya rufe tukunyar da murfi.

"Shigo in gaya maka, tun da ba za ka tambaya ba."

Muka shiga tare, shi ya zauna a kan tabarma kamar ɗalibi. Ta ce ludayinta na duma da ke rataye a ƙusa, shi ne ma'auni. Ludayi ɗaya na gari, shida na ruwa. Garin a tankaɗe shi tukuna. Daga cikin shidan, huɗu a ɗora a wuta. Biyu a dama garin da su a kwano, ba a lokaci guda ba. A fara da kaɗan, a murje shi da bayan ludayi har ya zama kamar kwaɓin lalle, babu wani ƙulli, sannan a riƙa ƙara sauran har ya yi ruwa kamar madara. Ruwan tsamiya, in za a sa, a jiƙa ta tun da yamma a tace, kuma yana cikin lissafin shidan, ba ƙari ba ne. In ruwan tukunya ya tafasa, a rage wuta, a sake motsa damun domin gari yana kwanciya a ƙasa, sannan a tsiyaya shi siriri da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juya maburgi ba tsayawa.

"Har yaushe?" in ji Kawu.

"Har ya daina warin ɗanyen gari, ya yi sheƙi. In ka tsoma ludayi ka ɗaga, ya zubo kamar zare, ya bar ɗan mayafi a bayan ludayin."

Na ce, "Inna, minti nawa ke nan?"

"Ji ɗan boko. Ni da agogo nake girki?"

Na tambaye ta ko ba haka mahaifiyata take yi ba, don na tuna ita tafasasshen ruwa take sheƙawa a kan ƙullu a roba, ba ta mayarwa wuta. Ta ce wannan gasara ce, geron da aka jiƙa aka markaɗa aka tace, ita zafin ruwa kaɗai ya ishe ta. Busasshen gari kuwa sai ya ga wuta, in ba haka ba ya ɓata ciki.

A ranar dai Hawwa ce ta dama kunun da ta dawo, Inna ta sha magani a makare.

Kwana uku a jere Kawu yana bin abin da aka gaya masa, gudajin yana raguwa amma bai ɓace ba. Sun koma ƙanana kamar ƙwayar dawa. Yana tsince su da cokali ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. A rana ta huɗu na tashi da wuri na tsaya a kansa tun daga farko, don abin ya fara damuna ni ma. Na ga ya tankaɗe gari a kwano, ya miƙa hannu ya ɗauko butar da yake ɗumama wa Inna ruwan alwala, ya auna ruwa a ludayi yana turiri, ya zuba.

"Kawu, wannan ruwan ai da zafi."

"To da na randa zan sa? Mara lafiya ce. Sanyi ne ya kama mata jijiya, ba zan ƙara mata wani ba."

Na ce ai duka wuta za su hau. Ya ce wannan maganar makaranta ce. Muna cikin haka muryar Inna ta fito daga ɗaki.

"Da ruwan me yake damawa, Mukhtar?"

"Na buta, Inna."

"Allah ya shirye ka, Malam. Ruwan zafi dafa bayan garin yake yi ya rufe cikin. Ruwan randa. Mafi sanyi."

"Sanyin fa?"

"Shekara arba'in kana shan sa da ruwan randa. Ka shanye ne?"

Ya zubar da damun wa kaji, ya sake wani. Da ruwan sanyi garin ya saki jiki nan da nan, ya narke a ƙarƙashin ludayi ba gardama. Kawu ya tsaya yana kallon kwanon kamar an yi masa dabo.

Sai batun wuta. Kawu mutum ne da ya saba da babbaka, a wajensa wutar da ba ta ruri ba wuta ba ce. Yakan rage ta kamar yadda aka ce, amma da ya ga tukunya ta yi shiru sai ya ji kamar aiki ya tsaya, ya murɗa ta sama. Sau biyu kunun ya yi bori ya kashe wutar, sau ɗaya ya kama ƙasa ya ɗauki ƙauri. Inna ba ta ganin sa, amma kunnenta yana tsakar gida.

"Ina jin tukunyar tana faɗa," takan ce. "Ka rage. Kunu ba ya son hayaniya. Ya riƙa yin fut, fut, ɗaya bayan ɗaya, kamar tsoho yana gyangyaɗi."

"Kamar wa?"

"Na ambaci suna?"

Ya gano da kansa cewa in ya sunkuya bai hango harshen wutar a gefen tukunya ba, to ta yi daidai. Na duba agogo a ɓoye. Daga tsiyaya damu zuwa sheƙi, wajen minti goma ne a kan ƙaramar wuta. Sukari sai an sauke.

Zuwa Juma'ar farko gudaji ya tafi, ƙauri ya tafi. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ba mu wahala. Kunun yana yin kauri. A tukunya yana kama da mai kyau, amma kafin ya huce yadda Inna za ta iya sha, ya daskare, cokali yana tsayawa a ciki. Ta yi cokali uku ta kau da kai, ta ce yana manne mata a maƙogwaro. Kawu ya gwada tsinka shi da ruwan randa a ƙarshe, kunun ya yanke, ruwa gefe guda, gudan-gudan gefe guda, ya yi sanyi lami. Inna ta ce in dole ne a tsinka, da ruwan zafi ake yi, kaɗan-kaɗan ana juyawa a kan wuta. Ya yi hakan, ya ɗan gyaru, amma wata rana ya zarce ya yi tsululu ta ƙware, wata rana ya gaza. Ba a samun abu ɗaya sau biyu.

"Shida na ce maka," in ji ta.

"Shida nake sawa. Mukhtar shaida ne."

Gaskiya ne, na ƙirga da shi, shida ne cif. Na fara zargin garin. Na je wajen mai injin niƙa na tambaye shi ko geron bana ya fi shan ruwa. Ya ce geron da Inna ta saya ne tun kaka, shi ya niƙa mata da hannunsa, kuma ba ta taɓa kawo ƙara ba. Na zargi ludayin, na ce ko wani aka ɗauko. Inna ta sa aka kawo mata, ta shafa shi da hannun hagu, ta nuna ɗinkin da ta yi masa a wuya. Shi ne.

Ruwaida tana kira kullum da hantsi. Ba Kawu take tambaya ba, Hawwa take tambaya, Hawwa kuma ba ta ƙarya. Ranar Talata ta ce mini a waya, "Yaya Mukhtar, zanen Inna ya fara zagaye ta sau biyu. Ni ba gasa nake yi da Baba ba. Uwata ce." Ta fi mu gaskiya.

Da la'asar ɗin ranar na ga Kawu ya fito da akwatin Inna na ƙarfe daga ƙarƙashin gado yana kakkaɓe shi. Na gane shirin Atrone ya fara.

Ranar Laraba da asuba Inna ta ce a fitar da ita waje. Tun farko Kawu ne ya hana, wai iskar safe ba ta da kyau a gare ta. Ni dai na fahimci kunya yake ji ta gan shi tsugune yana aikin da take yi da ido rufe.

"Sauran kwana biyu," ta ce. "In Atrone za ni, bari in ga tsakar gidana da safe."

Muka ɗauke ta a kujerar roba, ni da shi, muka ajiye ta gindin dalbejiya, muka lulluɓe ta da bargo. Kawu ya kunna wuta, ya auna ruwa huɗu ya ɗora, yana ƙirgawa da ƙarfi don ta ji. Ya jawo kwanon gari. Ya tsoma ludayi ya ɗago shi da tozo kamar na raƙumi, ya danna da babban yatsa, ya juye a rariya. Sannan hannunsa ya koma cikin kwanon ya damƙo wani garin ya watsa a kai, ya ci gaba da tankaɗe.

Na sha ganin wannan da idona kullum, amma ruwa nake ƙirgawa, ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba.

Inna ta fara dariya. Dariyarta yanzu gefe ɗaya take fita, kuma tana sa ta tari, amma ta kasa dainawa.

"Malam, wa ka yi wa gyara?"

"Wace gyara?"

"Wadda ka damƙo yanzu."

Ya dubi hannunsa. Gari ne fari har wuyan hannu.

"Ban damƙo komai ba."

"Mukhtar, ya damƙo ko bai damƙo ba?"

"Ya damƙo, Inna."

"Ga tozo, ga danni, ga gyara. Ludayi ɗaya na ce. Kai kusan biyu kake zubawa. Tukunya ba mai cefane ba ce, ba za ta dawo gobe don ka kyauta mata ba."

Kawu ya zauna daɓas a kan turmi. Ya daɗe yana kallon rariyar.

"To a ce mutum ya auna wa iyalinsa abu a shafe?" ya ce a hankali. "Baƙo ma ban yi masa haka ba."

Inna ta daina dariya. Ta ce, "Na sani. Amma ni a shafe nake so. In kana son ka ƙara mini, ka ƙara tsayuwa a kan tukunyar."

Ya mayar da garin cikin kwano. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar wuƙarsa ta fawa, wadda wasawa ta cinye har ta zama siririya. Ya tsoma ludayi, bai danna ba, ya bi bakinsa da bayan wuƙar, tozon ya zube. Ya juye. Muna kallo hannun ya sake tafiya cikin kwanon da kansa. Ya tsaya da damƙar a sama, ya rasa inda zai kai ta, sai ya watsa wa kaji.

Kunun ranar ya zubo daga ludayi kamar zare. A tukunya na ga kamar ya yi ruwa da yawa, na faɗa. Inna ta ce haka ake sauke shi, yana ƙara kama jiki in ya huce. Hakan kuwa aka yi. Kawu ya riƙa ba ta da cokali, tana zaune a miƙe kamar yadda likita ya ce, yana jira ta haɗiye kafin ya ɗebo wani. Ta shanye kofi, ta ce tsamiyar ta yi kaɗan. Ranar Alhamis ta sha kofi da rabi, ta ce sukarin ya yi yawa.

Ruwaida ta iso ranar Juma'a tun rana ba ta fito sosai ba, ta ce ba ta yarda a dama kafin ta zo ba. Mijinta ya tsaya a zaure muna gaisawa, sannan na shigo. Ta zauna kusa da mahaifiyarta a gindin dalbejiya, jakarta a cinya, tana kallon mahaifinta yana ɗebo ruwan randa, yana murje gari, yana sunkuyawa yana leƙen wuta. Da ya ɗauko wuƙar fawa ta ɗaga gira.

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ta yanke masa hannu ce," in ji Inna.

Da ya watsa wa kaji damƙarsu, Ruwaida ta kalle ni, na ce zan yi mata bayani daga baya.

Ya tsiyaya damun siriri, maburgi yana juyawa a ɗaya hannun. Tukunya ta riƙa yin fut, fut. Da kunun ya yi sheƙi ya sauke. Ruwaida ta buɗe jakarta ta fito da 'yar matatar shayi ta ƙarfe. Ta ɗora a bakin kofi, ta ɗebi kunu ta zuba. Ya wuce a hankali. Ta ɗaga matatar ta duba ta a hasken safiya, ta juya ta. Babu komai a ciki sai ɗan sheƙi. Ta hura kofin ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Na Inna ya fi," ta ce.

"Ai ban ce na kai ta ba," in ji Kawu.

Ta zauna ta kalli mahaifiyarta tana sha daga hannunsa har kofin ya ƙare. Sannan ta miƙa masa matatar.

"Ka riƙe wannan. Kullum ka tace, ko ka ga ya yi kyau. Rana ɗaya hannu zai iya kuskure."

Inna ta fara cewa ita a rayuwarta ba ta taɓa tace kunun gari ba, Kawu ya karɓi matatar da hannu biyu ya ce zai tace. Ruwaida ta ce kuma ranar da Hawwa ta gaya mata Inna ta koma cokali uku, ba za ta jira Juma'a ba. Ya ce ya ji. Ta shiga ɗaki, ta ga akwatin ƙarfen a tsakiya an kakkaɓe shi, ta tura shi da ƙafa ya koma ƙarƙashin gado.

An shekara biyu ke nan. Inna Delu tana takawa da sanda yanzu daga ɗaki zuwa gindin dalbejiya, hannun dai bai dawo ba. Kawu ne yake dama kunun har yau, nata da nasa da nawa. Matatar tana rataye a ƙusa ɗaya da ludayi, wuƙar tana soke a jikin danga kusa da su. Tsofaffin abokansa na mayanka sun ji labari, in ya wuce majalisarsu sukan tambaye shi ko an samu madide na sayarwa, yakan ce musu ba su da haƙurin jiran sa. Kajin gidan sun yi ƙiba har Hawwa tana tambayar abin da muke ba su. Da zarar sun ji ƙarar ludayi a kwanon gari sukan taru a bayansa suna jira.